Batirin litiyam da sola a cikin zafin rana: yadda na'urar auna ruwan tanki ta mutu sau biyu kafin ta zauna daidai

Yadda aka haɗa ta tun farko

Wani mai harkar haɗe-haɗen lantarki ne ya haɗa ƙaramar na'ura don ta riƙa auna yawan ruwan da ke cikin tankin da ke saman hasumiyar ƙarfe, tana turo masa sakamakon ta layin waya. Ba wutar lantarki a wurin, don haka sola ce kawai mafita. Kayan da ya sa ba baƙi ba ne ga duk wanda ya taɓa irin wannan aikin: bod ɗin ESP32 mai sarrafa na'urar, sensar auna nisa, SIM800L na tura saƙo, batirin litiyam guda ɗaya samfurin 18650 mai 3000 mAh, farantin sola mai 6 V da 2 W, sai ɗan ƙaramin bod ɗin caji mai TP4056, irin wanda ke zuwa da kariyar DW01A a jikinsa. Duk ya zuba su a baƙin akwatin roba mai hana ruwa shiga, ya manna farantin a kan murfin, ya ɗaure akwatin a saman tankin inda rana ke dukansa daga safe har yamma.

Lissafin wutar da ya yi kafin ya kafa bai da matsala. Na'urar tana farkawa duk minti 15, wato sau 96 a rana, kowace farkawa tana ɗaukar kamar daƙiƙa 40 tana jan wajen 250 mA, wannan ya ba da kusan 270 mAh. Idan tana barci kuma tana jan 4 mA, a yini guda kusan 90 mAh ke nan. Gaba ɗaya dai 360 mAh a rana. Farantin kuwa idan rana ta buɗe yana ba da 330 mA, a rana mai kyau zai iya tara kusan 1500 mAh, ninki huɗu na abin da ake buƙata.

Ga takardar bayanan batirin kuma, kamar yawancin 18650, abin da ta ce shi ne a yi caji tsakanin digiri 0 zuwa 45, a ja wuta daga cikinsa tsakanin −20 zuwa 60, ya cika a 4.2 V. A wannan matakin ba a sa komai da ke auna zafi a cikin akwatin ba.

Wata na 1 zuwa na 4: lafiya lau, sannan saƙo ya fara yankewa

Watan farko yanayi da sauƙi, saƙo na shigowa ba fashi, kuma boltejin batirin da na'urar ke haɗowa da shi a kowane saƙo yana nuna 4.1 V da asuba, 4.2 V tun kafin ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Daga wata na biyu zafi ya shigo sosai, iska a inuwa tana kaiwa digiri 41 zuwa 42 da rana, amma ba abin da ya canza a lambobin da ake gani.

A wata na huɗu ne saƙo ya fara ɓacewa, da farko ɗaya-ɗaya wajen asuba, daga baya daga ƙarfe biyun dare har fitowar rana shiru kake ji, rana na fitowa kuma ta dawo aiki kamar ba abin da ya faru. Abin da ya rikita mai na'urar shi ne saƙon ƙarshe kafin ta yi shiru yana nuna 3.8 V, wanda a ƙa'ida batir bai ma kusa ƙarewa ba. Ya zargi netwok, ya canza sim, ya canza eriya, ba abin da ya sauya.

Da ya sauke akwatin ya gwada batirin a na'urar gwaji sai ga abubuwa biyu. Daga 3000 mAh ya koma 2100. Turjiyar cikinsa kuma, wadda a sabon irinsa take wajen 35 mΩ, ta kai 170 mΩ. Wannan na biyun shi ne ya bayyana shirun dare. SIM800L yana fizgar wuta har 2 A na ɗan ƙanƙanin lokaci idan zai yi magana da netwok, kuma ba ya aiki ƙasa da 3.4 V. Idan ka ninka 2 A da 0.17 Ω za ka samu 0.34 V da ke ɓacewa a cikin batirin kansa, ka ƙara da ɗan abin da wayoyi da mariƙin batir da bod ɗin kariya ke ci, to 3.8 V ɗin nan a lokacin fizgar ya faɗo ƙasa da 3.4, SIM800L ya mutu ya sake tashi, ya sake fizga ya sake mutuwa. Da rana kuwa batirin na cike, farantin na tallafawa, shi ya sa ba a gani.

Batirin bai kumbura ba, bai yi yoyo ba, amma an cire shi daga aiki gaba ɗaya, an rufe bakinsa biyu da tef aka ajiye shi don kaiwa inda ake karɓar tsofaffin batura.

Mako na farko bayan saukewa: awon zafi

Kafin a sa sabon batir, an mayar da akwatin wurinsa da sensar zafi DS18B20 guda biyu, ɗaya manne a jikin wani mataccen batir a ciki, ɗaya a inuwa a waje. A ranar da iska ta kai digiri 42, jikin batirin ya wuce 45 tun wajen ƙarfe tara na safe, ya kai 58 da sha ɗaya, ya tsaya a 66 tsakanin ƙarfe ɗaya da uku, bai sauko ƙasa da 45 ba sai dab da faɗuwar rana. Bayan farantin kansa ya kai wajen 70, kuma da yake manne yake da murfin, zafin nan kai tsaye yake sauka ciki.

Ke nan kullum ana ƙarasa cajin batirin a sama da iyakar 45 ɗin da aka gindaya, sannan ya zauna a cike 4.2 V na sa'o'i a zafin da ya wuce har iyakar 60 ta jan wuta, kuma duk sanda ya ɗan sauka caja ta sake cika shi.

A nan ne mai na'urar ya koma kan bod ɗin caji, don a tunaninsa kalmar kariya da aka sayar masa da ita ta haɗa da zafi. DW01A abu uku yake gani: yana yanke caji idan batir ya kai wajen 4.3 V, yana yanke jan wuta a wajen 2.4 V, yana yankewa idan an ja karent da yawa ko waya ta haɗu. Ba shi da ƙafar auna zafi ko ɗaya. TP4056 kuma yana rage caji idan shi kansa aisin ya yi zafi sosai, amma wannan kare kansa yake yi, bai san halin da batir ke ciki ba. Yana da ƙafa ta musamman don zafin batir, ƙafa ta 1 mai suna `TEMP`, sai dai a irin waɗannan ƙananan bod ɗin an haɗa ta da `GND` tun daga masana'anta, wanda hakan ke kashe aikinta kwata-kwata.

Mako na biyu: farin fenti da huji

Gwajin farko mai sauƙi ne, an shafe akwatin da farin fenti, an huda ƙananan ramuka a ƙasansa aka rufe da raga saboda ƙwari. Farantin yana nan manne a murfi. A rana mai zafi irin ta baya jikin batirin ya tsaya a 57 maimakon 66. An samu ragin digiri tara, amma har yanzu yana wuce 45 daga wajen tara da rabi na safe har biyar da rabi na yamma. Ramukan ba su yi wani tasiri ba tunda duk a ƙasa suke, iska mai zafi sama take taruwa kuma ba ta da hanyar fita.

Wata na 5: an farfaɗo da ƙafar TEMP

Sai aka sa sabon batir, aka yanke shawarar cewa ko me zai faru ba za a sake cajinsa a sama da iyaka ba. Aikin na buƙatar hannu mai natsuwa: a narka dalmar ƙafa ta 1 a ɗaga ta daga bod ɗin da bakin allura, a jona mata siririyar waya. Daga nan resisto ɗaya ya tashi daga shigar wutar farantin zuwa `TEMP`, sai tamista NTC mai 10k (B 3950) daga `TEMP` zuwa `GND`. Tamistan nan turjiyarsa raguwa take idan ya ji zafi, kuma dole a manna kansa a tsakiyar jikin batirin da tef mai jure zafi, don idan aka bar shi yana lilo a cikin akwati zafin iska zai auna.

Yadda TP4056 ke karanta ƙafar shi ne, idan boltejinta ya faɗi ƙasa da kashi 45 cikin ɗari na wutar da ke shigowa, ya ɗauka batir ya yi zafi ya tsayar da caji, idan ya haura kashi 80 ya ɗauka sanyi ya yi yawa. Da resisto mai 5.6k lissafin ya fito haka:

```
zafi:  R = 5.6k × 0.45 / 0.55 = 4.58k  →  ~44 °C
sanyi: R = 5.6k × 0.80 / 0.20 = 22.4k  →  ~8 °C
```

Wato caji zai yi aiki ne tsakanin digiri 8 da 44, cikin iyakar batirin ta kowane ɓangare. Wani abin daɗi shi ne resiston daga ɓangaren farantin yake shan wuta, don haka da dare ba ya taɓa batir. An gwada kafin a hau da shi sama, don akwai aisin jabu masu ɗauke da wannan suna da ƙafar ba ta aiki: aka cire tamistan aka sa resisto 3.9k a madadinsa, wanda ke ba da kashi 41, nan take caji ya tsaya fitilun bod ɗin biyu suka mutu. Aka mayar da tamista, caji ya dawo.

An mayar da farin akwatin saman tanki. Kariyar ta yi abin da aka ce ta yi, ƙarfe tara da rabi caji ya tsaya, ba ya dawowa sai rana ta yi ƙasa. Boltejin asuba kuwa ya fara gangarowa: 4.1 V a kwanakin farko, 3.9 bayan mako guda, 3.75 bayan mako biyu, 3.6 bayan mako uku. A rana ta 24 saƙo ya daina zuwa.

Da aka sa mita a layin caji na yini guda an ga dalili. Farantin kwance yake a kan murfi yana kallon sama, da safe rana na zuwa masa a karkace, daga bakwai zuwa tara da rabi matsakaicin abin da ya bayar wajen 90 mA ne, kusan 225 mAh, da yamma kuma ɗan abin da bai wuce 35 mAh ba. An samu 260, ana kashe 360, giɓin 100 mAh kullum. Duk sa'o'in da farantin ke iya ba da 330 mA sun faɗa cikin lokacin da aka hana caji. Batirin dai bai lalace ba a wannan karon, an caje shi a ƙasa ya dawo daidai.

An duba yiwuwar komawa wani nau'in batirin litiyam mai suna LiFePO4, wanda ya fi jure zafi da zama a cike kuma ya fi wuyar kamawa da wuta. Amma shi 3.2 V yake zama, ya cika a 3.65, ƙasa da abin da SIM800L ke so a mafi yawan lokaci, sai an ƙara bod ɗin ɗaga boltej mai iya ɗaukar fizgar 2 A, kuma sai an canza caja da bod ɗin kariya duka, don 4.2 V ɗin TP4056 ya yi masa yawa. Aka ajiye wannan a matsayin mataki na gaba idan sauran sun gaza.

Wata na 6: an raba farantin da akwatin

An ɓamɓare farantin daga murfi aka jona masa waya mai tsawon mita biyu. Shi ya zauna a rana, a kan ƙarfen da iska ke bi ta bayansa, an ɗan karkata fuskarsa wajen gabas don ya kama ranar safe sosai. Akwatin kuma ya sauko ƙarƙashin dandamalin da tankin ke zaune a kai, inda rana ba ta taɓa shi kai tsaye. Ba a ɗaure shi a jikin ƙarfen hasumiya ba tunda ƙarfen na ɗauko zafi daga inda rana ke dukansa, an sa katako a tsakani. Ta gefen da ranar yamma ke iya leƙowa an kafa farin faranti da tazarar kamar santimita 4 daga akwatin, don iska ta ratsa tsakaninsu. An ƙara ramuka a sama ta gefe, ƙarƙashin ɗan rufi, yadda iska za ta shiga ta ƙasa ta fita ta sama.

A cikin akwatin ma an raba bod ɗin caji da batir, da can a manne suke da tef ɗaya. TP4056 duk boltejin da ya rage tsakanin farantin da batir zafi yake mayar da shi, idan farantin na kan 6 V batir na kan 4 V ana tura 300 mA, 0.6 W ke nan na zafi, kuma a rufaffen ƙaramin akwati wannan ba ƙaramin abu ba ne idan yana jingine da batir.

A ranar da iska ta kai 42, jikin batirin ya tsaya a 45 zuwa 46, kuma bai haura 44 ba sai wajen ƙarfe ɗayan rana zuwa huɗu. Lokacin da aka yarda a yi caji ya tashi daga sa'o'i biyu da rabi na raunanniyar rana zuwa kusan sa'o'i shida, har da masu ƙarfin.

An kuma rage cin wutar. Na'urar tana auna ruwa duk minti 15 kamar da, amma tana tara awo biyu ta tura sau ɗaya duk minti 30, wannan ya sauke 270 zuwa wajen 135 mAh. An cire fitilun da ke kan bod, an sa tiranzisto yana kashe SIM800L gaba ɗaya lokacin barci, karent ɗin barci ya sauko daga 4 mA zuwa 1 mA. Jimilla wajen 160 mAh a rana.

Abu na ƙarshe shi ne hana batirin cika. TP4056 a 4.2 V yake tsayawa ba a iya canza masa, amma yana da ƙafa ta 8, `CE`, wadda idan aka ja ta ƙasa caji ke tsayawa. An ɗaga ta daga bod kamar yadda aka yi wa ta 1, aka sa mata resisto zuwa wutar farantin, sai ƙaramin tiranzisto da ESP32 ke kunnawa ya ja ta ƙasa. An tsara shi haka da gangan ne, saboda idan batir ya ƙare ESP32 ya mutu, tiranziston zai saki ƙafar caji ya ci gaba da kansa, da an yi akasin haka na'urar ba za ta taɓa farfaɗowa ba. A kowace farkawa ga abin da take dubawa:

```
if (vbat >= 4.05) stopCharge = true;
if (vbat <= 3.90) stopCharge = false;
```

Kuma sai an riƙe ƙafar ESP32 ɗin a matsayinta lokacin barci da `gpio_hold_en()`, in ba haka ba tana yin barci caji zai dawo. Ana yanke caji a 4.05 batirin yakan zauna a wajen 4.0 V, kusan kashi 80 cikin ɗari. Minti 15 ɗin da ke tsakanin dubawa biyu ba zai ƙara fiye da 83 mAh ba, kuma ko manhajar ta rikice, 4.2 V na TP4056 da 4.3 V na DW01A da tamista suna nan a bayanta, ba su dogara da ita ba.

Wata na 7 zuwa na 18

Tun daga nan boltejin asuba yana yawo tsakanin 3.9 da 4.0 V. A ranakun da ake caji yakan ƙare kafin ƙarfe goma na safe, jikin batirin na wajen digiri 35, ta yadda sanda zafin rana ya kai ga tamista ya yanke, babu ma cajin da ake yi. An yi kwana huɗu a jere na hadari, boltej ya sauka 3.8 ya dawo cikin safiya biyu. Bayan shekara guda, da wani lokacin zafin a cikinta, an sauke batirin aka gwada: 2800 mAh, turjiya 45 mΩ.

Abin da ya kashe na farko, da abin da ya raya na biyu

A ganina zafi da cika ne suka haɗu suka cinye batirin farko, kuma kowannensu shi kaɗai da bai yi wannan saurin ba. A cikin batirin litiyam akwai ruwan sinadari da ke ɗan ruɓewa a hankali yana barin wani ɓawo a fuskar sassan ciki, ɓawon na cin litiyam ɗin da ya kamata ya ɗauki caji kuma yana ƙara turjiya. Zafi na hanzarta wannan, a kiyasin da ake amfani da shi duk ƙarin digiri 10 kusan ninka saurin yake yi, boltej mai tsayi ma na hanzarta shi. Na'urar sola ta waje kuwa ita ce ke haɗa su a sa'a ɗaya, domin lokacin da batir ke cika shi ne lokacin da akwati ke tafasa. Faranti mai ninki huɗu na buƙata ya sa batirin na cika da wuri ya daɗe a haka.

Farin fenti ya gaza ne saboda babban tushen zafin, farantin da ke kan murfi, yana nan. Tamista kuma bai gaza ba ko kaɗan, ya hana abin da ya kamata ya hana, kawai an sa shi a akwatin da ba ya sauka ƙasa da iyaka a lokacin da ake da rana, kuma ba zan yarda a cire shi ba ko yanzu da ba kasafai yake yankewa ba, don ranar da farin farantin nan mai tare ranar yamma ya faɗi ko wani ya matsar da akwatin shi kaɗai ne zai hana caji a digiri 60. Abin da ya fi kowane gyara tasiri shi ne wayar nan mai mita biyu da ta kai akwatin inuwa, ita ta sauke zafin daga 57 zuwa 46. Rage cin wuta ya sa cajin safe kaɗai na isa, tsayawa a 4.0 V kuma ya rage tsufan da ragowar zafin ke jawowa, a kan asarar kusan kashi 20 na abin da batirin ke iya ɗauka.

Har yanzu tazarar ba ta da yawa, 46 a ranar 42. A wurin da iska kanta ke kaiwa 47 ko 48 inuwa ba za ta iya sauke batir ƙasa da zafin iska ba, caji zai koma na sassafe kawai, kuma a nan ne zan koma kan LiFePO4 da cajarsa ta 3.6 V, bayan an duba iyakar zafin caji da ke rubuce a takardar ainihin batirin da za a saya.